Tambayoyi da Amsoshi kan Tantance Bayanan da Suka Shigo Kafin a Sarrafa Su

Waɗannan tambayoyi ne da masu kula da bayanai a ofisoshi da ƙungiyoyi a Gombe suke yawan yi, musamman waɗanda aikinsu ya dogara da fayil ɗin da wasu suke turo musu daga nesa. Domin maganar ta tsaya a kan abu ɗaya, za a bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka akwai wata ƙungiyar manoma mai ofis a cikin garin Gombe, tana da wakilai masu sayen masara a Kumo da Billiri da Dukku da Bajoga, kuma kowane wakili yana turo fayil ɗin CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi da waƙafi tsakanin gurabe, duk ƙarshen mako. A ofis akwai wata ƙaramar manhaja da take karanta fayilolin, ta haɗa lissafin abin da aka saya, ta fitar da jerin kuɗin da za a biya kowane manomi. Lambobin da ke cikin misalin an sa su ne domin bayani.

Mece ce tantancewa, kuma a wane mataki ake yin ta?

Tantancewa ita ce a kwatanta fayil ɗin da ya shigo da tsarin da aka amince a kansa tun farko, kafin a bar shi ya taɓa lissafi ko ya shiga rumbun bayanai. A misalinmu an amince cewa kowane layi yana da gurabe bakwai: lambar ciniki, rana, ƙaramar hukuma, lambar asusun manomi, yawan buhu, farashin buhu, da jimlar kuɗi. An kuma amince da yadda ake rubuta kowanne. Mai tantancewa yana tsaye ne a bakin ƙofa, tsakanin isowar fayil da fara lissafi. Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, da zarar layukan Kumo sun cuɗanya da na Billiri da na Dukku a cikin jimla ɗaya, ware gurɓataccen daga mai kyau yana zama aiki mai wuya ƙwarai, wani lokaci ma sai an rushe lissafin wata guda an sake shi.

Manhajarmu tana tsayawa ta nuna kuskure idan fayil ya lalace. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Canjin da yake sa manhaja ta tsaya shi ne mai sauƙi, domin ya bayyana kansa, an gan shi, za a kira wakili a gyara. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne canjin da manhaja take haɗiyewa lafiya lau, ta fitar da sakamako mai kama da gaskiya.

Ga yadda hakan yake faruwa da rana. A Najeriya mun saba rubuta rana kafin wata, don haka 04/11/2024 yana nufin 4 ga Nuwamba. A ce wakilin Kumo ya sami sabuwar kwamfuta wadda aka saita ta a kan tsarin Amurka, inda wata yake zuwa kafin rana. Bai canza komai a aikinsa ba, amma da ya adana fayil ɗin makon Litinin 4 zuwa Asabar 9 ga Nuwamba, sai ranakun suka fito haka:

```
11/04/2024
11/05/2024
11/06/2024
11/07/2024
11/08/2024
11/09/2024
```

Manhajar ofis, wadda take karanta rana tukuna, za ta ɗauke su a matsayin 11 ga Afrilu, 11 ga Mayu, 11 ga Yuni, 11 ga Yuli, 11 ga Agusta da 11 ga Satumba. Duka ranaku ne na gaske a kalanda, kuma duka sun riga sun wuce, saboda haka ko dokar da ta hana karɓar ranar da ba ta zo ba tukuna ba za ta kama su ba. Sakamakon shi ne cinikin mako guda na kaka ya watse cikin watanni shida da aka riga aka rufe lissafinsu, rahoton Nuwamba ya nuna kamar Kumo ba ta sayi komai ba a wancan mako, kuma manoman da suka kawo kaya ba za su fito a jerin biyan kuɗi na wannan mako ba. Manhajar ba za ta yi tari ba sai a kan cinikin ranar 13 ga wata, lokacin da za ta ci karo da 11/13/2024 ta rasa wata na goma sha uku.

Yana da kyau a san girman wannan rami. A shekara mai kwana 365, ranaku 144 ne suke faɗowa tsakanin 1 da 12 ga wata. Daga cikinsu 12 ba sa canzawa ko an juya su, kamar 11/11, sauran 132 kuwa suna juyewa su zama wata rana ta daban ba tare da wata alama ba. Ranaku 221 ne kawai suke tona asirin kansu.

To yaya ake kama irin wannan juyewar rana?

Da matakai biyu, kuma na biyun ne mutane suka fi mantawa da shi. Na farko shi ne a daina karɓar tsarin da yake da fuska biyu gaba ɗaya. A yi amfani da tsarin ISO 8601, wato shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-11-04, kuma a gaya wa manhaja wannan tsari ƙarara, kada a bar ta ta yi hasashe. Yawancin kayan aikin karanta rana suna da ɗabi'ar ƙoƙarin fahimtar duk abin da aka ba su, kuma wannan sauƙin kai nasu shi ne yake buɗe ƙofar ɓarna. Idan aka tsaya a kan tsari ɗaya, to ranar da Excel ya sake rubuta ranakun da nasa salon, fayil ɗin zai faɗi tun a layin farko.

Mataki na biyu shi ne a tambayi ko ranar tana da ma'ana a wannan fayil ɗin. Fayil ɗin mako ne, an san ranar da makon ya fara da ranar da ya ƙare, don haka duk ranar da ta fita daga wannan tsakani abin tuhuma ce.

```python
rana = datetime.strptime(layi["rana"], "%Y-%m-%d").date()
if not (farkon_mako <= rana <= karshen_mako):
    kebe(layi, "rana ba ta cikin makon fayil")
```

Ko da ƙungiyar ba ta samu damar sauya tsarin rubuta rana ba, wannan mataki na biyu shi kaɗai ya isa ya kama fayil ɗin Kumo, domin 11 ga Afrilu ba ta cikin makon 4 zuwa 9 ga Nuwamba. Wanda yake binciken tsoffin bayanai kuma yana da alamar da zai nema: idan cinikin wakili ɗaya ya taru a rana mai lamba ɗaya cikin watanni daban-daban, kamar yadda duka suka faɗa a 11 ga wata, kusan tabbas an juya rana da wata.

Idan aka ƙara gurbi ko aka sauya jerin gurabe fa?

Wannan ya dogara da yadda manhaja take gane gurbi. Idan tana ƙirga matsayi ne, wato ta ce na biyar shi ne buhu, na shida shi ne farashi, to ranar da wani ya saka gurbin lambar waya a tsakiya, komai zai matsa gaba da mataki ɗaya, sai ta karanta wani abu daban a matsayin buhu. Maganin shi ne a karanta gurbi da sunansa, kuma kafin a karanta ko layi ɗaya a kwatanta sunayen da ke saman fayil da jerin da aka amince da shi.

```python
GURABE = ["lamba", "rana", "karamar_hukuma", "asusu", "buhu", "farashi", "jimla"]

with open("kumo.csv", encoding="utf-8-sig", newline="") as f:
    karatu = csv.DictReader(f)
    if karatu.fieldnames != GURABE:
        raise ValueError(karatu.fieldnames)
```

Wasu suna ganin tsauri ne a ƙi fayil don kawai an ƙara masa gurbi ɗaya da ba a buƙata. A ganina ya fi kyau a tsaya a duba, domin sabon gurbi shaida ce cewa wani ya taɓa tsarin fayil ɗin, kuma wanda ya ƙara gurbi yana iya yiwuwa ya sauya ma'anar wani tsohon gurbin a lokaci guda. Dangane da `utf-8-sig` da ke cikin misalin, an sa shi ne saboda Excel yana liƙa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil idan aka adana shi a matsayin CSV UTF-8, kuma idan ba a cire ta ba, sunan gurbin farko ba zai dace da `lamba` ba alhali a ido iri ɗaya suke.

Me ya sa lambobin asusun banki suke zuwa a gutsure?

Lambar asusun banki a Najeriya, wadda ake kira NUBAN, tana da lambobi 10, kuma da yawa daga cikinsu suna farawa da sifili. Excel idan ya buɗe fayil ɗin CSV yana ɗaukar duk abin da ya yi kama da adadi a matsayin adadi, kuma a lissafi sifilin farko ba shi da amfani, sai ya jefar da shi. Lamba kamar 0012345678 takan koma 12345678. Haka yake yi wa lambar waya mai lambobi 11 da ke farawa da sifili. Yana kuma riƙe lambobi 15 ne kawai daidai, abin da ya wuce haka sai ya mai da shi sifili.

Ka'idar a nan ita ce duk lambar da ba a tarawa ba a kuma ninkawa, rubutu ce, ba adadi ba, kuma a matsayin rubutu za a karanta ta a duba tsawonta. Idan ta zo da lambobi takwas maimakon goma, akwai jarabar a cike ta da sifili biyu a wuce. Sau da yawa hakan zai dace, amma manhaja ba ta da hanyar bambanta lambar da Excel ya gutsure da wadda akawu ya tsallake lambobi biyu a tsakiyarta. Tunda kuɗin mutum ne za a tura, abin da ya dace shi ne a kwatanta lambar da aka cike da wadda take cikin rajistar manoma, idan sun dace a karɓa, idan ba su dace ba a keɓe layin.

Gurbin buhu adadi ne, kuma adadi yake zuwa. Me kuma za a tantance?

Abu biyu: yadda aka rubuta adadin, da abin da adadin yake aunawa. Na farkon ya fi sauƙi. Idan wakili ya fara rubuta 1,200 da waƙafi, wasu kayan aiki za su ƙi shi, kamar `float("1,200")` a Python, amma `parseFloat("1,200")` a JavaScript zai karanta har inda waƙafin yake ya tsaya, ya ba da 1, ba tare da ya ce komai ba. Don haka a tabbata dukan rubutun gurbin ne ya zama adadi, ba gefensa kawai ba.

Na biyun shi ne inda ake buƙatar sanin sana'ar kanta. A ce an saba da buhun kilo 100, manomi ya kawo buhu 12 a kan naira 50,000 kowanne, jimla naira 600,000. Idan sabon fom ya koma rubuta kilo a gurbin buhu, za a ga 1200, kuma iyaka mai sauƙi, kamar a ce manomi ɗaya ba ya wuce buhu 200 a ciniki guda, za ta kama shi. Haka ma dokar da ta ce buhu sau farashi dole ya yi daidai da jimla, domin 1200 sau 50,000 naira miliyan 60 ne, ba 600,000 ba.

Amma a ce wakilin Bajoga ya koma sayen kaya a buhun kilo 50. Yanzu layin zai nuna buhu 24 a kan naira 25,000, jimla naira 600,000. Adadin buhu yana cikin iyaka, lissafin ya yi daidai, manomi zai karɓi kuɗinsa cif. Sai dai manhaja, wadda take ninka buhu da kilo 100, za ta rubuta cewa an sayi kilo 2,400 alhali kilo 1,200 ne a sito, kuma ƙungiyar tana iya yi wa mai saye alkawarin masarar da ba ta da ita. Dokokin nan biyu da suke duba layi ɗaya shi kaɗai ba za su ga wannan ba. Ana ganinsa ne idan aka kwatanta fayil ɗin da na makon jiya da na sauran wakilai: farashin buhu a Bajoga ya faɗi da rabi cikin mako guda alhali na Dukku da Kumo bai motsa ba. Kamar mai sayen hatsi ne a kasuwa, wanda yake fara duba mudun kafin ya soma ƙirga awo. Gyara na dindindin shi ne a sa nauyin buhu ya zama gurbi na kansa, ko a koma rubuta kilo kai tsaye, sunan gurbin kuma ya faɗi ma'aunin.

Sunayen wurare da na mutane fa?

Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11, saboda haka gurbin ƙaramar hukuma bai kamata ya karɓi komai ba sai ɗaya daga cikin jerin nan. In ba haka ba, Yamaltu/Deba za ta zo da rubutu iri uku ko huɗu, rahoto ya raba ta gida-gida. Sunayen mutane ba su da jeri, amma akwai abin lura: haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna buƙatar tsarin adana haruffa irin UTF-8, kuma idan aka adana fayil a tsohon tsarin Windows-1252, wanda ba shi da su, sukan koma alamar tambaya. Alamar tambaya a tsakiyar suna dalili ne na a tsayar da fayil.

Ta yaya za a san cewa fayil ɗin ya iso cikakke?

Layin da bai iso ba ba shi da kuskuren da za a gani, don haka dole wanda ya turo ya faɗi abin da ya turo. A nemi kowane wakili ya haɗa da yawan layuka da jimlar kuɗin fayil ɗin, ko a layin ƙarshe ko a wani ɗan saƙo daban, manhaja kuma ta ƙirga nata ta kwatanta. Idan ya ce layi 340 ne aka samu 298, an san wani abu ya yanke a hanya.

Wannan ba matsalar ƙananan ofisoshi ba ce kawai. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga rahotannin kullum ba tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. An riƙa zuba sakamakon gwaji ne a tsohon tsarin Excel na XLS, wanda shafinsa ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura haka kuma ya riƙa zubewa. Kwatanta yawan abin da ya shiga da yawan abin da ya fita shi ne binciken da ake yi domin irin wannan.

Idan an sami kuskure, layin za a ƙi ko fayil ɗin gaba ɗaya?

Ya danganta da abin da kuskuren yake nunawa. Idan layi uku ne cikin 340 suke da matsala, kuma kowanne da irin tasa, wannan kuskuren hannu ne. Sai a keɓe su a wani fayil daban tare da lambar layi da dalilin ƙin kowanne, a ci gaba da sauran, domin bai dace manoma 337 su jira kuɗinsu saboda mutum uku ba. Idan kuwa sunayen gurabe sun canza, ko jimlar layuka ba ta dace ba, ko kuskure iri ɗaya ya maimaitu a gurbi ɗaya a layuka da yawa, to tsarin ne ya canza, kuma fayil ɗin duka za a dakatar.

Dalilin yana bayyana idan aka koma misalin Kumo. A fayil ɗin makon 11 zuwa 16 ga Nuwamba, layukan cinikin 13 zuwa 16 ga wata za su faɗi, na 12 ga wata zai koma 11 ga Disamba, na 11 ga wata kuma zai yi daidai bisa katari. Wanda ya zubar da waɗanda suka faɗi ya karɓi sauran ya shigar da gurɓataccen bayani yana ganin ya tace. Layukan da suka faɗi suna ba da shaida ne a kan waɗanda suka wuce. Saboda haka nake ganin babu ɗabi'ar da ta fi hatsari a wannan aiki kamar a saita manhaja ta mai da duk abin da ta kasa karantawa ya zama babu komai ta wuce, irin abin da `errors="coerce"` yake yi a pandas, kayan aikin sarrafa bayanai na Python, sai fa idan nan take za a ƙirga guraben da suka zama wofi a kai rahoto. Ya kamata ƙungiya ta yanke iyaka a rubuce, misali idan abin da aka keɓe ya kai kashi 5 cikin ɗari a dakatar da fayil, kuma a san mutumin da saƙon zai je wa da wanda zai kira wakili.

Mun gano ɓarnar bayan an riga an sarrafa bayanan. Ina mafita?

Mafitar tana hannun wanda ya yi tanadi biyu tun da wuri. Na ɗaya, a ajiye kowane fayil yadda ya iso, ba tare da an buɗe shi an sake adanawa ba, domin buɗe shi a Excel da sake adana shi kaɗai yana iya sauya ranaku da lambobi. Na biyu, kowane layi da ya shiga rumbu ya ɗauki sunan fayil ɗin da ya fito daga ciki da lokacin da aka shigar da shi. Da waɗannan biyu, gyaran Kumo ya zama aiki mai iyaka: a cire duk layukan da suka fito daga wancan fayil, a tabbatar da ainihin ranakun daga littafin wakili ko rasit ɗin manoma, a sake shigarwa, sannan a sake fitar da rahotannin watannin da abin ya shafa, wato Afrilu zuwa Satumba da kuma Nuwamba. Lambar ciniki, wadda ba ta maimaituwa, ita take hana a biya mutum sau biyu yayin sake shigarwar. Kafin a rufe maganar, a bincika tun yaushe wakilin ya fara aiki da sabuwar kwamfutar, domin fayil ɗin da aka kama ba lallai ne shi ne na farko ba.

Akwai abin da tantancewa ba ta iya kamawa?

Akwai. Idan akawu ya rubuta buhu 13 a maimakon 12, ya kuma lissafa jimlar a kan 13, layin ya cika kowace doka, kuma sai an kwatanta da abin da ke sito ko da rasit za a gane. Haka nan dokokin kansu suna tsufa. Iyakar farashin da aka sa lokacin kaka za ta fara ƙin cinikin gaskiya idan masara ta yi tsada da bazara, kuma ma'aikatan da manhaja take damu da ƙararrawar ƙarya sukan gaji su kashe binciken gaba ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a ɗaure iyakar farashi da na makonnin baya-bayan nan maimakon adadi tsayayye, a kuma ajiye wasu gurɓatattun fayiloli na gwaji, ɗaya mai juyayyar rana, ɗaya mai gutsurarren asusu, ɗaya mai ƙarin gurbi, a riƙa ba manhaja su duk lokacin da aka taɓa ta, a tabbatar har yanzu tana ƙin su.